Wasiƙar gyaran tambari a hoton allon shago: tambayoyi da amsoshi

Mai shago yakan ɗauki hoton allonsa da waya, ya tura wa mai zane, ya ce a gyara masa tambarin. Daga nan ake fara kai da kawo, domin abin da ke cikin ransa bai shiga cikin saƙon ba. Amsoshin da ke ƙasa duk sun bi misali ɗaya ne don a ga lissafin a fili: allon shagon tela, bana ce da aka ɗaure a firam na ƙarfe, faɗinsa ƙafa 8, tsayinsa ƙafa 3, wato inci 96 da inci 36. A hagu akwai tambari, da'ira ce mai inci 14 da allura da almakashi a ciki. A dama an rubuta GIDAN DINKI da manyan haruffa masu tsayin inci 7, sai lambar waya a ƙasa.

Mene ne abin da ya kamata wasiƙar ta fara faɗa?

Abin da za a yi da aikin idan an gama. Aiki iri uku ne ake kira da suna ɗaya, kuma ba su da wahala ɗaya ko kuɗi ɗaya. Na farko, a gyara hoton kansa don a sa shi a WhatsApp ko Facebook, allon da ke ƙofar shago kuwa ya zauna yadda yake. Na biyu, a ɗora sabon tambarin a kan hoton don mai shago ya ga yadda zai zauna kafin ya kashe kuɗin bugawa. Na uku, a gyara tambarin na asali a fitar da fayil ɗin da za a kai wa mai buga bana.

A aiki na farko da na biyu, mai zane yana cikin Photoshop ko makamancinsa, yana kula da haske da inuwa da karkatar hoto don sabon abu ya saje da tsoho. A na uku babu ruwansa da inuwa. Awo na gaskiya yake bukata, da launin da injin bugawa zai iya fitarwa. Idan ba a faɗa ba, yawanci zai ɗauka na farko ake so tunda hoto aka turo masa, ya dawo da hoto mai kyau a waya wanda ba zai bugu a ƙafa 8 ba. Yawancin masu shago na biyu da na uku suke so a tare, don haka a rubuta haka a jimlar farko bayan gaisuwa.

Wane irin hoto zan ɗauka?

Wanda aka ɗauka daga gaba sak, mai ɗauka yana tsaye daidai tsakiyar allon. Matsalar ita ce allo yana sama da ƙofa, mutum yana ƙasa, sai ya tsaya kusa ya ɗaga waya. A irin wannan hoton gefen sama na allon yana fitowa ya fi na ƙasa gajarta, da'ira ta koma kamar an danne ta. Maganin shi ne a ja da baya, a tsallaka titi idan da hali, a riƙe wayar a miƙe. Gwargwadon nisan da aka yi, gwargwadon raguwar karkatar. Idan wayar tana da kyamarar nesa ta 2x a yi amfani da ita, amma kada a yi ta jawo hoton da yatsu, wannan yana rage ingancinsa ne kawai.

Kusurwoyi huɗu na allon duk su fito a hoton, domin da su mai zane zai miƙar da shi. A ɗauka lokacin da rana ba ta bugun fuskar allon kai tsaye kuma ba ta bayansa. Idan lokacin hunturu ne a goge ƙurar allon da ta gilashin kyamara tukuna. Sannan a ƙara hoto na biyu daga kusa, na tambarin kaɗai, ko da sai an hau tsani.

Kwafi biyu ake turawa. Ɗaya tsarkakakke wanda ba a taɓa ba, ɗaya kuma wanda aka zana wa da'ira da lambobi 1, 2, 3 a wuraren da ake so a gyara. Wanda ya tura kwafin da aka yi wa alamun kaɗai ya ƙara wa mai aiki wahalar goge jan layin da ya ja a kan tambarin.

Mai zanen ya ce in sake turo hoton a matsayin Document. Mene ne bambancin?

WhatsApp yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba. Hoton da waya ta ɗauka da faɗin fiksel 4000, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, yakan isa ga mai karɓa bai wuce 1600 ba. Allon kuma bai cika hoton duka ba, akwai bango da ƙofa. A ce allon ya ci fiksel 1200 daga ciki. Raba 1200 da inci 96, kowane inci ya samu fiksel 12.5 ke nan, tambarin mai inci 14 kuma gaba ɗayansa fiksel 175 ne. A wannan ƙanƙantar, allurar da ke ciki ɗigo uku ne kacal a kauri, kuma kafarta ba ta ganuwa.

Idan aka danna alamar haɗa fayil aka zaɓi Document, hoton yana tafiya yadda waya ta ɗauke shi. Zaɓin HD ya fi na yau da kullum, amma shi ma yana matsewa. Hoton da aka ɗauko daga fuskar waya, ko wanda ya bi ta hannun mutum uku kafin ya iso, ya riga ya lalace, tura shi a Document ba zai dawo da abin da ya ɓata ba.

Na rubuta masa «a ƙara wa tambarin girma sosai». Me ya sa bai isa ba?

Saboda «sosai» ba awo ba ne. Ko «a ninka shi biyu» ma yana da fuska biyu. Idan aka ninka faɗin da'irar daga inci 14 zuwa 28, filin da za ta ci ya ninku huɗu, domin tsayi ma ya ninku. A allo mai tsayin inci 36 saura inci 4 sama da 4 ƙasa, ta cika wuri ta danne sunan shagon. Abin da ido ke gani a matsayin ninki biyu shi ne a kai ta kusan inci 20, wato kashi 143 cikin ɗari na faɗinta na da. A nan ne filinta ya ninku biyu.

Don haka a ɗauki tef a auna abu uku: faɗin allo, tsayinsa, da faɗin tambarin yanzu. Sannan a rubuta awon da ake so ya koma. Wanda ya kasa tantance awon, ya yanki kwali da'ira mai inci 20, ya sa yaro ya riƙe a jikin allon, shi kuma ya tsallaka titi ya duba. Wannan gwajin na minti goma ya fi zagaye biyu na gyara amfani.

Wurin zama ma da awo ake faɗinsa, kuma daga gefen allo ake aunawa: «gefen hagu na da'irar ya kasance inci 6 daga bakin allo, sama da ƙasa su daidaita, inci 8 kowane». A faɗi cewa hagun mai kallon allo ake nufi. Mai shago yana zaune cikin shagonsa yana fuskantar titi, hagunsa daman mai wucewa ne, kuma ana samun wannan ruɗanin fiye da yadda ake zato. A kuma tsaya a kan ma'auni ɗaya. Idan an fara da inci a ƙare da inci. Masu buga bana a Najeriya da ƙafa suke lissafi, a Nijar kuma da mita da santimita, don haka wanda mai zanensa ke tsallaken iyaka ya rubuta sunan ma'aunin a jikin kowace lamba. Inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Jimla ɗaya da bai kamata a manta ba ita ce kada a ja tambarin ta gefe ɗaya. Girma ya tafi tsayi da faɗi tare. Idan an ja ta gefe, da'ira ta zama ƙwai, kuma a waya ba kowa ke lura ba sai an buga.

Idan tambarin ya girma, me zai samu sunan shagon?

Zai matsu, kuma wannan ne wurin da wasiƙu da yawa ke yin shiru. Ga lissafin. A da, inci 6 ne daga baki, tambari ya ci 14, tazara 5, sai rubutu ya fara a inci na 25 ya ƙare a na 90. Filin suna inci 65 ke nan. Yanzu tambari ya ci 20, rubutu zai fara a inci na 31, fili ya koma 59. Haruffan da suka cika inci 65 da tsayin inci 7 ba za su shiga 59 ba sai sun sauko zuwa kusan inci 6.

Masu aikin allo suna da ƙa'ida ta kimantawa: kowane inci ɗaya na tsayin harafi yana karantuwa da sauƙi daga nisan ƙafa 10. Ana iya hango shi daga nesa fiye da haka, amma wannan ne nisan da mai tafiya zai karanta ba tare da ya tsaya ba. Saukowa daga inci 7 zuwa 6 ya rage nisan daga ƙafa 70 zuwa 60. A lungun kasuwa inda mai saye ke wucewa dab da shago, wannan ba asara ba ce. A bakin babban titi inda ake so na cikin Adaidaita Sahu ya karanta, asara ce, kuma gara a raba sunan layi biyu, GIDAN a sama ƊINKI a ƙasa, a ƙara wa haruffan tsayi tunda inci 36 ya isa.

Mai shago ne ya san titinsa, shi zai zaɓa. Idan bai zaɓa ba, mai zane mai gaggawa zai matse haruffan ta gefe su yi siriri don su shiga, kuma wannan ya fi duka zaɓin biyu muni.

Ta yaya zan bayyana launin da nake so?

Ba da sunan launi kaɗai ba, kuma ba ta hoton allon ba. Koren da ke cikin hoto ba shi ne koren da aka buga ba. Rana ta ci shi, ƙura ta hau shi, kyamara kuma ta gyara shi yadda ta ga dama gwargwadon hasken lokacin. Hoto biyu na allo ɗaya, na safe da na yamma, za su ba da kore biyu.

Hanya mafi sauƙi ita ce abu na zahiri: katin shago, leda mai tambari, ko rasit da aka buga da launin da ake so. A kai wa mai zane ko a ajiye don kwatantawa a wurin bugawa. Idan tsohon fayil yana nan, lambar launin tana ciki. Launin fuskar waya ana rubuta shi da lamba irin `#0B6B3A`, na bugawa kuma da kason tawada huɗu da ake kira CMYK, wato C shuɗi mai haske, M ja mai ruwan hoda, Y rawaya, K baƙi, misali kore mai duhu:

```
C90 M30 Y95 K30
```

Waya haske take fitarwa, bana kuwa tawada ce a kan roba, don haka launuka masu ƙyalli kamar kore shar ko shuɗi mai haske kullum suna fitowa a dushe idan an buga. Shuɗi shi ya fi ba da matsala. Idan kason M ya kusanci na C, shuɗin da aka gani a waya sai ya fito yana shunayya. A nemi mai zane ya yi fayil ɗin bugawa a CMYK tun farko, kuma kafin a buga ƙafa 8 a nemi mai injin ya buga ɗan yanki, ƙafa ɗaya ma ta isa, a fita da shi rana a duba. Injin kowane wuri da irin tawadarsa, saboda haka a yi gwajin a inda za a buga aikin.

Idan allo mai fitila ne a ciki, a faɗa a wasiƙar. Hasken da ke bi ta bayan bana yana wanke launi da dare, kuma irin banar da yawan tawadar da ake sa mata daban ne.

Allona an rubuta DINKI, ina so ya koma ƊINKI. Ba lanƙwasa kawai za a ƙara ba?

A hoto kam ana iya zana lanƙwasar da hannu. A fayil ɗin bugawa kuwa maganar ta salon haruffa ce. Salo da yawa na ado da masu zane ke so ba su da Ɓ, Ɗ, Ƙ da ƙanananansu. Idan aka rubuta harafin a salon da ba shi da shi, ɗayan abu biyu ke faruwa: ko akwati ya fito a gurbinsa, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani salo ba tare da sanarwa ba. Na biyun ya fi haɗari. Za a ga Ɗ ɗin ya fi 'yan'uwansa siriri ko gajarta, sai an ƙura ido ake ganewa, amma a allo kowa zai gani.

Mafita biyu ce. A koma salon da ke da haruffan, irin Noto Sans, Andika ko Charis SIL, dukansu kyauta ne. Ko kuma a bar salon da ake da shi, mai zane ya mayar da D zane ya ƙera mata lanƙwasa mai kauri daidai da jikin harafin. Idan mutane sun saba da kamannin sunan shagon, ta biyun ta fi. A wasiƙa a rubuta kalmar daidai yadda ake so ta fito. Wanda wayarsa ba ta da haruffan ya rubuta a takarda da manyan baƙaƙe ya ɗauki hoto. Idan akwai kalma irin 'ya'ya, a faɗi ko da 'y za a rubuta yadda aka saba a Najeriya, ko da ƴ yadda ake yi a Nijar.

Bayan an gama, dole a mayar da rubutun duka zane kafin fayil ya bar hannun mai zane. A CorelDRAW umarnin shi ne Convert to Curves, `Ctrl+Q`, a Illustrator kuma Create Outlines, `Shift+Ctrl+O`. Idan ba a yi ba, kwamfutar wurin bugawa da ba ta da salon za ta musanya shi, Ɗ ɗin da aka sha wahala a kai ya ɓace a matakin ƙarshe.

Ku nuna mana wasiƙar gaba ɗayanta.

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, ya iyali?

Ina so a gyara tambarin allon shagona. Abu biyu nake bukata: hoton da zai nuna mini yadda gyaran zai zauna a allon, sannan idan na amince, fayil ɗin da zan kai a buga sabuwar bana. Allon faɗinsa inci 96, tsayinsa inci 36, ba mai fitila ba ne. Na turo hoto uku a Document: allon duka, tambarin daga kusa, da kwafin da na sa wa lambobi. Duk inda na ce hagu ko dama, na mai kallon allo daga titi nake nufi.

1. Da'irar tambari yanzu inci 14 ce, a mayar da ita inci 20, tsayi da faɗi tare. Ta zauna inci 6 daga bakin hagu, a tsakiya tsakanin sama da ƙasa.
2. Allurar da ke ciki ba ta ganuwa daga titi. Kaurinta yanzu kusan kwatan inci ne, a kai shi rabin inci a sabon girman. Almakashin ya girma tare da da'irar, amma kada a canza siffarsa.
3. Koren da'irar ya koma irin na katin shagona, zan aiko yaro da shi gobe da safe in sha Allahu. Kada a ɗauki launi daga hoton, ya koɗe.
4. Sunan ya koma GIDAN ƊINKI, da lanƙwasa a Ɗ. A bar salon haruffan yadda yake, a layi ɗaya. Na yarda tsayinsu ya sauko zuwa inci 6, amma kada a matse su.

Abin da ba za a taɓa ba: farin bayan allon, jan layin da ke ƙasa, lambar waya da girmanta na inci 3. Ita dai a matsar da ita ta fara daidai ƙarƙashin harafin G.

Ina son ganin samfurin ranar Laraba. Idan akwai abin da kake gani ba zai yi kyau ba a cikin waɗannan, don Allah ka faɗa mini kafin ka fara. Ka sanar da ni kuɗin aikin da zagayen gyara nawa ke ciki. Na gode, Allah ya taimaka.

Me ya sa sai an lissafa abin da ba za a taɓa ba?

Domin mai zane idonsa na gyara ne. Idan ya ga jan layi da bai yi masa ba zai cire, yana ganin alheri ya yi. Mai shago kuma wataƙila da wannan layin ake kwatancen shagonsa. Haka kuma idan ana sake zana allo daga hoto, komai sai an sake rubuta shi da hannu, har da lambar wayar da ba a ce a taɓa ba, kuma nan kuskure ke shiga. Shi ya sa ya kyautu a rubuta lambar a wasiƙar ko da ba ta canza ba, lambobi 11 a rabe huɗu, uku, huɗu, don a kwafa maimakon a karanto daga hoto.

Ni na fi sabawa da saƙon murya. Ba zai yi ba?

Zai yi don bayanin dalili, misali a ce masu wucewa suna ɗaukar shagon na aski ne saboda almakashin kaɗai suke gani. Irin wannan bayanin yana taimakon mai zane ƙwarai. Amma awo, lambar waya da rubutun suna, a rubuce za su tafi. Sha biyar da hamsin ba sa ruɗuwa a Hausa yadda suke yi a Turanci, amma shida da bakwai cikin hayaniyar kasuwa da ƙarar janareta suna iya ɓacewa, kuma ba wanda zai sake sauraron minti huɗu don neman lamba ɗaya. Wanda rubutu ke yi wa wuya ya yi maganarsa, sannan ya nemi mai zanen ya rubuto abin da ya fahimta da lambobi, shi kuma ya amsa da «haka ne» kafin a fara.

Wanda ya yi mini tambarin tun farko ba na samunsa, fayil ɗin ma babu. Za a iya ciro shi daga hoton?

Ba ciro shi ake yi ba, sake zana shi ake yi. Hoto ɗigo-ɗigo ne, idan aka buɗa shi sai ya farfashe. Bana da ake kallo daga ƙofar shago tana son kamar ɗigo 100 a kowane inci, tambari mai inci 20 ke nan yana bukatar fiksel 2000, mu kuma 175 muke da su a hoton da WhatsApp ya matse. Fayil na layi irin CDR, AI ko SVG ba shi da wannan iyakar, domin siffar ce aka ajiye ba ɗigo ba, ana iya kai ta kowane girma.

Mai zane zai fara miƙar da hoton ta kusurwoyi huɗu har allon ya koma daidai 96 da 36, sannan ya bi layukan da hannu. Akwai kayan bi da kai, PowerTRACE a CorelDRAW da Image Trace a Illustrator, amma a kan hoton allo suna kwaso har da ƙura da lanƙwasar bana, da'ira ta fito da gefe mai karkarwa. Alamar an yi wannan gajeriyar hanya ita ce a buɗa samfurin sosai a duba bakin da'irar da ƙarshen haruffa. Wannan aiki ne na daban da kuɗinsa, kuma ya kamata wasiƙar ta ce «ba ni da fayil na asali» tun farko. Kafin a kai ga haka a tambayi wurin da aka buga tsohuwar banar, sau da yawa fayil ɗin yana kwance a kwamfutarsu.

Samfuri ya iso. Me zan duba?

A bi wasiƙar lamba bayan lamba. Awon ma ana iya tabbatar da shi a waya: inci 20 cikin 96 ya ɗan haura kashi ɗaya cikin biyar, don haka idan faɗin allon a fuskar waya ya kai santimita 12, da'irar ta zama 2.5. A karanta lambar waya da baki ana kwatanta ta da ta gaskiya, ko a ba wani ya buga ta a ga ko wayar shago za ta yi ƙara. Sannan a ajiye wayar a nesa da tsawon hannu biyu a ga ko allurar tana fitowa.

A duba bakin allon kuma. Bana ana naɗe ta ne a bayan firam, don haka fayil ɗin yana bukatar rarar inci 2 zuwa 3 na launin bayan allo a kowane gefe, kuma kada wani rubutu ya kusanci baki da ƙasa da inci 3. Idan mai walda zai sa ƙarfen kwana ya rufe gefen, a auna faɗinsa a faɗa wa mai zane.

Gyaran da aka gani a tara shi a saƙo ɗaya. Wanda ya turo ɗaya da safe, ɗaya da azahar, ɗaya bayan matarsa ta gani da dare, ya cinye zagaye uku a kan abin da ɗaya zai ɗauka.

Waɗanne fayil zan karɓa, kuma yaya maganar kuɗi?

PDF a ainihin girman allo don bugawa, fayil na asali da za a iya gyarawa nan gaba, da PNG na tambarin kaɗai marar bango don waya da rasit. Na tsakiyan ne ake rigima a kansa, domin wasu masu zane ba sa bayarwa sai da ƙarin kuɗi, kuma haƙƙinsu ne su faɗi haka muddin tun farko aka yi maganar. A tambaya a wasiƙar farko. Abin da aka saba shi ne rabin kuɗi kafin aiki, rabi kafin miƙa fayil, da zagayen gyara biyu. Kuskuren mai zane, kamar ya yi inci 18 a inda aka ce 20, ba ya cikin lissafin zagaye. Canjin ra'ayin mai shago yana ciki.

Dole sai na sake buga banar duka? Ba za a manna sitika a kan tambarin ba?

Idan tambarin kaɗai ya canza kuma sabon ya fi tsohon girma, sitikar da aka yanka daidai da'irar za ta rufe shi, a wanke wurin ya bushe kafin a manna. Matsalar tana zuwa ne idan sitikar tana ɗauke da farin bango: sabon fari a kan tsohon da ya sha rana yana fitowa fili kamar faci a tsohuwar riga. A misalinmu kuwa da'irar inci 20 za ta kai inci na 26, ta hau kan harafin G da ke farawa a na 25, kuma sunan ma zai canza. Nan sabuwar bana ce kawai mafita, ƙafa 24 murabba'i da rarar naɗi.

Zan iya cewa a sa mini tambarin wani kamfani a allon, ko a gyara hoton ya nuna abin da babu a shagon?

Masu sayar da waya da kayan gyara sukan so haka. Tambarin kamfani mallakarsa ne, sa shi a hanyar da za a ɗauka kai wakilinsu ne alhali ba haka ba na iya jawo ƙara, don haka dila na gaskiya ya nemi fayil da izini daga kamfanin, kuma ba a canza masa launi ko siffa. Naka tambarin ma, rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ba ta kare shi ba, wannan aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya.

Hoton samfuri kuma na dubawa ne tsakaninka da mai zane. Idan banki, kamfanin POS ko taswirar Google suka nemi hoton gaban shago, abin da ke rataye a ƙofar suke so su gani, kuma wani lokaci sukan turo mutum ya tabbatar. A jira a ɗaura sabuwar banar, a tsallaka titi a ɗauki sabon hoto a tura musu.